Reshen Funtuwa: Yadda Shafi Biyu Na Gaisuwa Ya Koma Labarin Da Edita Zai Ɗauka

Takardar sanarwar manema labarai da aka turo mini in gyara shafi biyu ce cif, kuma sai da na kai layi na goma sha huɗu kafin na gane abin da ake son sanarwa. Wani kamfani ne a Kano mai sayar da kayan sola, wato faranti da batir da inbata da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Zai buɗe reshe a Funtuwa ta jihar Katsina, mai kamfanin kuma yana son labarin ya fita a rediyo da jaridu kafin ranar buɗewa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na mai shi ba, duk inda suna ya kamata ya zo zan sa "Wane".

Sakataren kamfanin ne ya rubuta ta, ga yadda ta fara:

"Hukumar gudanarwar Kamfanin Wane, ƙarƙashin jagorancin haziƙin shugabanta mai kishin talakawa, Alhaji Wane, tana matuƙar farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma, musamman abokan hulɗarta masu daraja na kusa da na nesa, cewa a ci gaba da ƙoƙarinta na kawo ci gaba mai ɗorewa a yankinmu na Arewa…"

Ban ga laifin sakataren ba. Haka muka tashi muka ji ana buɗe magana a taro: a gaida manya, a jero muƙamai, a yi godiya, sannan a shiga zance. Wanda ya tsallake wannan a gaban jama'a sai a ce ba shi da ladabi. Sai dai sanarwar manema labarai ba jawabin taro ba ce. Mutum ɗaya ne zai fara karanta ta, edita ko wakilin gidan rediyo, a waya, yana da wasu takardun da yawa a gabansa kuma lokacin labarai na matsowa. Layi biyu ko uku zai duba. In ya ga labari ya ci gaba. In ya ga yabo, ko dai ya wuce, ko ya tura ta sashen kasuwanci a yi mata kuɗin talla.

Wannan bambanci na labari da talla shi ne abin da na fara yi wa Alhaji bayani, domin a kansa komai ya rataya. Idan ka biya kuɗi aka karanta maka sanarwa, kalmominka ne za a karanta kamar yadda ka rubuta, mai sauraro kuma ya san talla ce. Idan ɗakin labarai ne ya ɗauka, ba ka da iko a kan abin da za a yanke, amma mai sauraro zai ji shi a cikin labarai. Na biyun Alhaji yake so, amma da rubutun na farkon.

Ina labarin yake?

Buɗe reshe kaɗai ba labari ba ne sai ga mai kamfani da ma'aikatansa. Kullum ana buɗe shaguna a Funtuwa. Don haka da na je ofishinsa ban tambaye shi tarihin kamfani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, manomin da ke Ɗanja, me zai canza masa ranar da aka buɗe wannan reshe?"

Ya ce, "Malam, ai ci gaba ne muka kawo musu."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Amma wane abu ne yau yake yi da wahala, wanda daga ranar zai yi shi da sauƙi?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya sa aka kira shugaban masu gyara, wanda kowa a wurin ke ce wa Injiniya. Shi ya zo da labarin a hannunsa, cikin littafin da suke rubuta injinan da aka dawo da su gyara. Da muka bi shafukan, sunayen garuruwa ɗaya ne ke ta maimaituwa: Ɗanja, Bakori, Ɗandume, Ƙafur, Funtuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya fi ƙarfin manoman rani da yawa, waɗanda suka samu hali suka koma injin sola. Injin ba ya shan mai, amma yana lalacewa. Injiniya ya ce abu biyu ne suka fi kawo musu shi: yashi ya cinye fankar cikin injin, ko a bar shi yana aiki bayan ruwan rijiya ya janye har ya yi zafi ya ƙone. In haka ta faru, sai manomi ya cire injin, ya sa a mota ya bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo zuwa Kano, ya bar shi, ya koma gida, ya sake dawowa ɗauka. Duk kwanakin nan tumatir na gona ba ruwa.

Sabon reshen kuwa yana da ɗakin gyara da masu gyara uku da kayan canji. A takardar sakatare an ambaci wannan a shafi na biyu, cikin jerin abubuwa, tsakanin "wurin ajiye motoci" da "ma'aikata masu fara'a". Nan labarin yake kwance, an binne shi.

Sakin layi na farko, sau uku

Masu koyar da aikin jarida suna cewa farkon labari ya amsa tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki wannan a matsayin dole a cusa duka shidan cikin jimla ɗaya zai haifar da jimlar da ba mai iya karanta ta da numfashi ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wacce ce za ta fara zuwa a cikinsu.

Gwajina na farko:

"Kamfanin Wane mai sayar da kayan sola zai buɗe sabon reshe a Funtuwa ranar Asabar 2 ga Nuwamba."

Ba ƙarya a ciki, ba yabo, ta fi ta sakatare nesa ba kusa ba. Amma edita zai karanta ya ce, to sai me? Kamfani ne a gaba, kuma kamfanin ba sananne ba ne irin wanda jin sunansa kaɗai zai tsayar da mutum. Da bankin da kowa ya sani ne zai shiga garin da ba banki, sai a fara da sunansa. A nan ba haka ba ne.

Na biyu sai na zarce gona da iri:

"Wahalar manoman rani ta zo ƙarshe a kudancin Katsina, domin Kamfanin Wane ya kawo musu ɗakin gyaran injin sola irinsa na farko a yankin."

Da kaina na soke ta kafin kowa ya gani. Wahalar manomi ba ta ƙare don an buɗe shago ɗaya, akwai taki, akwai tsutsar tumatir, akwai faɗuwar farashi lokacin da kaya suka yi yawa. Sannan "irinsa na farko" magana ce da ba ni da hanyar tabbatarwa. Funtuwa mahaɗar hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da ta Malumfashi duk a nan suke haɗuwa, gari ne na 'yan kasuwa da masu sana'a. Ya isa a ce akwai wani mai gyara a wani lungu da ya shekara yana wannan aiki. Wakilin da ke zaune a garin ya san shi, kuma da zarar ya kama ka da ƙari a jimlar farko, sauran takardar ta zama abin zargi. "Na farko", "mafi girma", "wanda ba kamarsa", duk kalmomi ne da ko dai a zo da hujja ko a bar su.

Na uku ita ce ta tsaya:

"KANO, 28 ga Oktoba. Manoman rani na Funtuwa, Ɗanja, Bakori da Ɗandume masu amfani da injin ban-ruwa na Kamfanin Wane ba sai sun kawo shi Kano gyara ba daga ranar Asabar 2 ga Nuwamba, ranar da kamfanin zai buɗe reshe mai ɗakin gyara a kan titin Zariya, Funtuwa."

Mutane ne a gaba, da sunayen garuruwansu, domin mai sauraro a Bakori in ya ji an ambaci Bakori zai ɗago kai. Abin da ya canza ya biyo baya, sannan rana da wuri. An rubuta ranar da sunanta da kwanan wata, ba "mako mai zuwa" ko "jibi" ba, saboda ba ka san ranar da za a karanta takardar ba. Jaridar mako-mako irin Aminiya tana iya ɗaukarta kwanaki bayan gidan rediyo ya karanta. Kuma an iyakance maganar ga masu injin kamfanin, ba dukan manoma ba. Na karanta ta da ƙarfi sau biyu in ji ko mai karanta labarai zai sarƙe. Tana da ɗan tsawo, amma tana da wurin shan numfashi bayan "2 ga Nuwamba".

Alhaji ya karanta, ya juya takardar kamar yana neman wani abu a baya. "Malam, ban ga sunana ba."

Na ce, "Yana sakin layi na uku, ranka ya daɗe, inda za ka yi magana da bakinka. Can ya fi ƙarfi. A farko in muka sa, edita zai cire, a can kuwa ba yadda zai ɗauki maganar ya bar mai ita."

Muƙamai ma sai da muka ja. Yana da sarauta a garinsu, yana kuma shugabantar wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Muka tsaya a kan suna da "shugaban kamfanin" kawai, domin da wannan hular yake magana a nan. In ka sa muƙamin ƙungiya, sai ya zama kamar ƙungiyar ce ke tallata masa kaya, ita kuwa ba a tambaye ta ba.

Sakin layi na biyu bai ba mu wahala ba. Ya faɗi abin da ke cikin reshen, lokutan aiki, da cewa za a buɗe shi ne a daidai lokacin da ake shirin noman rani. Sai batun ɗaukar ma'aikata. Sakatare ya rubuta "ɗaruruwan matasa za su samu aikin yi". Na nemi takardar albashi, muka ƙirga: mutum 11, takwas daga cikinsu 'yan Funtuwa da kewaye. Alhaji ya ce ai akwai dillalai da masu dako da masu haɗa faranti a ƙauyuka da za su ci abinci. Na yarda, amma ba wanda ya ƙirga su. Muka rubuta 11, muka ce takwas 'yan yankin ne. Ƙaramin adadin da aka ƙirga ɗan jarida zai iya sa shi a labarinsa ba fargaba, "ɗaruruwa" kuwa ya saba jin ta daga bakin 'yan siyasa, ya san abin da ake yi da ita.

Maganar Alhaji

A nan aikin ya fi cin lokaci. Ga abin da sakatare ya sa a bakinsa:

"Muna matuƙar farin ciki da alfahari da buɗe wannan katafaren reshe, wanda ke nuna jajircewarmu wajen gamsar da abokan hulɗarmu da kayayyaki masu inganci."

Gwajin da nake yi wa kowace magana irin wannan mai sauƙi ne. Cire sunan kamfanin, ka sa na gidan burodi ko na makarantar kuɗi ko na kamfanin siminti. In maganar ta zauna daram, to ba ta ce komai ba. Wannan ta zauna a ko'ina. Farin cikin mai kamfani ranar buɗe reshensa ba abin da wani ke shakka ba ne, ba wanda zai ɓata daƙiƙa goma na lokacin labarai a kansa.

Aikin maganar da ke cikin alamar zance daban yake da na sakin layi na farko. Rana da wuri da adadi, duk ɗan jarida zai iya faɗinsu da bakinsa. Abin da ba zai iya faɗa da bakinsa ba shi ne dalili, ra'ayi da alkawari. Ba zai ce "kamfanin zai duba injinka a rana ɗaya" ba sai ya jingina ga wani, domin in ba a cika ba shi za a kama. Saboda haka maganar da ake ɗauka ita ce wadda ta ba shi abin da yake buƙatar bakin wani a kai. In ka maimaita masa ranar buɗewa a cikin alamar zance, ka ɓata wurin.

Ban zauna na ƙirƙiro wa Alhaji magana ba. Na kunna rikoda a waya, da saninsa, muka yi hira ta kusan minti ashirin. Minti goma na farko jawabi yake yi, irin na taro. Sai da na tambaye shi ko akwai manomin da ya taɓa zuwa masa da fushi, sannan muryarsa ta sauya. Ya ba ni labarin wani dattijo daga wajen Ɗanja da ya kawo inji, aka ce ya dawo bayan kwana huɗu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi zai iya jira amma tumatirinsa ba zai jira ba. Alhaji ya ce, "Wallahi Malam, maganar nan ta tsaya mini. Manomi ba ya jiran gyara, don tumatir ba ya jiran manomi."

Na ce, "Alhaji, ka gama rubuta mini."

Jimlar gajera ce, tana da hoto a ciki, kuma bakin ɗan kasuwar Kano ne, ba bakin takarda ba. Sai dai ita kaɗai karin magana ce, tana buƙatar alkawari a bayanta. Alhaji ya ce a rubuta duk injin da aka kawo za a gyara shi a ranar. Na ce a kira Injiniya tukuna.

Injiniya ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, in fanka ce, a ranar za mu canza. In ya ƙone kuwa, ko akwatin sarrafa wutar ne ya mutu, wani lokaci sai an aiko da kaya daga nan. Kada a sa mu a bakin manoma."

Abin da ya ce zai iya ɗauka a wuyansa shi ne dubawa: injin da ya iso da safe, kafin a tashi aiki za a gaya wa mai shi abin da ya lalace da abin da gyaran zai ci. Alkawarin ya ragu, amma na gaske ne, kuma ga manomi ba ƙarami ba ne, domin a ranar zai san ko ya jira ko ya nemi aron injin fetur ya ceci gonarsa. Duk alkawarin da za a sa a bakin shugaba, wanda zai cika shi a ƙasa ya kamata ya fara ji. Shugaba yana Kano, mai gyara ne zai tsaya gaban mutumin da ya ji a rediyo.

Ga yadda sakin layi na uku ya fita:

"Manomi ba ya jiran gyara, don tumatir ba ya jiran manomi," in ji shugaban kamfanin, Alhaji Wane. "Duk injin da aka kawo mana Funtuwa da safe, a ranar za mu gaya wa mai shi abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. Wannan alkawari ne a kan injinan da aka saya a wurinmu."

Na sa sunansa bayan jimlar farko, ba a ƙarshe ba, don kada mai karatu ya yi nisa bai san mai magana ba. "In ji" na yi amfani da ita, ban ce "ya jaddada" ko "ya bayyana cikin farin ciki" ba. Na cire "wallahi Malam" da maimaicin da ke cikin magana ta baki, ban ƙara wa maganar tumatir kalmar da ba tasa ba. Sannan na tura masa rubutun ta WhatsApp na ce ya karanta ya amsa a rubuce. Ya amsa da "Na amince". Wannan amsa ajiye ta ake yi, domin ranar da magana ta jawo ƙura, mutum yakan manta ya faɗe ta.

Sakatare ya so a ƙara maganar manajan reshe da ta wani babban baƙo da aka gayyata. Ta manajan maimaicin ta Alhaji ce, muka bar ta. Ta baƙon kuwa ba a ma tambaye shi ba, an dai rubuta abin da ake zaton zai faɗa. Wannan ba a yin sa ko kusa. Ko sunansa ban sa a matsayin mai halarta ba, tunda bai tabbatar da zuwansa ba.

Sauran takardar da hanyar aikawa

Bayan maganar Alhaji sai sakin layi ɗaya kan ma'aikata, ɗaya kan wurin da lokacin buɗewa tare da kwatancen da ɗan gari zai gane, sannan layi uku kan kamfanin: shekarar kafuwa, abin da yake sayarwa, inda hedikwatarsa take. An jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, saboda edita daga ƙasa yake yankewa in wuri ya ƙure. A ƙarshe sunan wanda za a kira da lambarsa. Na hana a sa lambar Alhaji, don ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, aka sa ta manajan reshe. Kanun ya zama "Kamfanin Wane zai buɗe ɗakin gyaran injin ban-ruwa na sola a Funtuwa". Duka takardar ba ta kai kalma 300 ba, shafi ɗaya.

Mun yi ta Turanci daban don jaridun Turanci, ba fassara kalma da kalma ba, amma adadi da rana da alkawari iri ɗaya ne a duka biyun, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Maganar tumatir ta rasa rabin daɗinta a Turanci, muka haƙura.

Kamfanin ya saba buga takarda a kan mai tambarinsa, a sa hannu da hatimi, a ɗauki hotonta a tura. Ɗan jarida ba kullum yake iya kwafar rubutu daga hoto kai tsaye ba, sau da yawa sai ya sake bugawa da hannu, a nan ne suna ke canzawa, 11 ta koma 17. Don haka muka zuba rubutun a cikin jikin imel da saƙon WhatsApp, muka haɗa da PDF mai hatimi ga mai son shaida. Na kuma tura wa wata tsohuwar waya don in ga ko ƙ da ɗ sun fito, domin wasu wayoyin akwati suke nunawa a wurinsu, Ɗanja ta koma abin da ba a gane ba. Hoto biyu muka haɗa, Injiniya yana kwance inji a kan teburin gyara, da gaban shagon. Hoton Alhaji a kujerar ofis ya zauna a gida.

Ranar Litinin da safe muka aika, kwana biyar kafin buɗewa, ga wakilan da ke Katsina da Funtuwa da teburin labaran kasuwanci da na noma, kowa da sunansa, ba a tara su cikin saƙo ɗaya ba.

Abin da ya fito, da inda na yi kuskure

Ba kowa ya ɗauka ba. Wani gidan rediyo ya ce talla ce, ya turo farashi, kuma ba zan ce bai da hujja ba, tunda sunan kamfani ne a ciki. Wata jaridar intanet ta Hausa ta buga sakin layi uku na farko kusan yadda suke. Wani wakili ya kira manajan, ya je Ɗanja ya yi hira da manoma kan tsadar ban-ruwa, reshen ya zo a tsakiyar rahotonsa cikin jimla biyu. Alhaji bai ji daɗin wannan ba da farko, ni kuwa shi na fi so, don shi ne wanda ya fi kama da labari.

Matsalar daga wani gidan rediyon ta zo. Sun sake rubuta farkon da kalmominsu, suka ce kamfanin zai buɗe wurin gyaran injin sola a Funtuwa, "masu amfani da injin Kamfanin Wane" ta faɗi a hanya. Sannan suka karanta jimla biyu na farko na maganar Alhaji suka tsaya. Ta ukun, wadda ta ce alkawarin na injinan da aka saya a wurinsu ne, ba ta shiga ba. Ba mugunta suka yi ba. Sun yi abin da na san editoci na yi, yanka daga ƙasa, ni ne na ajiye sharaɗin a ƙasan.

A makon farko sai ga mutane da injina iri-iri, na kamfanoni daban-daban, wasu ma na fetur, kowa na cewa a rediyo ya ji "duk injin da aka kawo". Masu gyara ba su da kayan canjin waɗannan, wasu ma ba su san cikinsu ba. Manajan ya yini yana ba da haƙuri, wani ya ce masa ai Alhajinku ne ya faɗa da bakinsa.

Da na koma kan takardar, gyaran bai wuce harafi biyu ba. Da na rubuta "Duk injinmu da aka kawo mana Funtuwa da safe", da sharaɗin ya shiga cikin jimlar alkawarin kanta, inda almakashi ba zai raba su ba, jimla ta uku ma ba a buƙatarta. Na gwada sakin layi na farko da ƙarfi, na gwada maganar da sunan gidan burodi, amma ban gwada ta da yanka ba, wato in rufe jimlar ƙarshe da yatsa in ga ko abin da ya rage gaskiya ne har yanzu, in sake rufe ta gaba da ita in duba.

Muka tura wa gidan rediyon gajeren gyara na jimla biyu, suka karanta washegari. Manajan ya sa aka rubuta allo a bakin ƙofa mai cewa gyara na injinan kamfanin ne, a zo da rasit ko katin garanti. Injiniya kuma ya roƙi Alhaji a bar yaransa su riƙa duba na wasu kamfanonin in aiki ya yi sauƙi, a kan kuɗi kaɗan, ba tare da alkawarin rana ɗaya ba, tunda mutanen sun riga sun san hanya. Alhaji ya ce a gwada zuwa ƙarshen rani a gani.